Yadda Amfilifaya Ajin D Ke Aiki, da Dalilin Sa Masa Filta Kafin Sifika

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon amfilifaya na masallaci ko na masu kiɗan biki ya san abin da zai fara gani: katon taransifoma, da wani faffaɗan ƙarfen alminiyom mai haƙora wanda aka ɗaure taransistoci a jikinsa don ya sha musu zafi. Yau kuma ana sayar da ɗan bod da bai fi tafin hannu ba, an rubuta masa wat 50 sau biyu, ga ɗan ƙarfen sanyaya kamar kwalin ashana, kuma ya yini yana aiki bai wuce ɗumi ba. Irin wannan bod shi ne amfilifaya Ajin D. Harafin D ɗin ba ya nufin dijital, kamar yadda wasu masu sayarwa ke faɗa. Harafi ne kawai da ya biyo bayan A da B da C a jerin ire-iren amfilifaya.

Misalin da za a bi a wannan darasi shi ne bod mai ɗauke da aisin TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments, wanda ya cika kasuwa. Yana karɓar wuta daga bolt 4.5 zuwa bolt 26, kuma a nan za a ɗauka an ba shi bolt 24, an haɗa masa sifika mai om 4.

Inda zafin tsohon amfilifaya ke fitowa

A amfilifaya Ajin AB, wato irin na da, taransista tana aiki ne kamar kan famfo da aka buɗe rabi. Wutar da ke shigowa tana da yawa, sifika kuma kaɗan take buƙata a wannan lokacin, sai taransista ta tsaya a tsakani ta riƙe ragowar. Matsalar ita ce riƙewar ba kyauta ba ce. Zafin da taransista ke fitarwa daidai yake da boltejin da ta riƙe idan aka ninka shi da karan ɗin da ke ratsa ta.

A ɗauki wani ɗan lokaci a tsakiyar waƙa da sifika ke buƙatar bolt 8. Sifika mai om 4 za ta ja amfiya 2, ta samu wat 16. To amma wutar da ke shigowa bolt 24 ce, saura bolt 16 ke nan a wuyan taransistoci, kuma amfiya 2 ɗin nan dole ta cikinsu za su bi. Bolt 16 sau amfiya 2, wat 32 ke nan na zafi zalla. Batir ya ba da wat 48, sifika ta samu kashi ɗaya cikin uku, sauran sun tafi ɗumama ɗaki.

A lissafi, mafi ƙoƙarin da Ajin B zai iya shi ne ya miƙa kashi 78.5 cikin ɗari na wutar ga sifika, kuma wannan sai an ƙure sauti har bakin iyaka. Magana da waƙa ba sa zama a ƙure, yawancin lokaci suna can ƙasa, inda asarar ta fi muni. Ga mai wutar gwamnati wannan ɗan ƙarin kuɗin wuta ne. Ga wanda ke tafiyar da lasifika da batirin sola kuwa, shi ne bambancin batirin da zai kai asuba da wanda zai mutu kafin isha.

Makunni ba ya zafi

Akwai yanayi biyu da taransista ba ta asarar komai. Idan ta rufe gaba ɗaya, boltej na kanta amma karan ba ya wucewa, ninkin ya zama sifiri. Idan ta buɗe gaba ɗaya, karan na wucewa amma kusan babu boltej a kanta, ninkin ya sake zama kusan sifiri. Shi ya sa makunnin fitilar ɗaki ba ya zafi ko da fitilar ta kwana a kunne. Dabarar Ajin D ita ce a hana taransista zama a tsakiya: ko dai a kunne, ko a kashe.

Taransistocin da ake amfani da su mosfet ne. A cikin TPA3116D2, kowane mosfet idan ya buɗe yana da turjiyar kusan om 0.12. Amfiya 2 ɗin ɗazu idan suka bi ta cikinsa, zafin da zai fitar shi ne 2 sau 2 sau 0.12, wato ƙasa da rabin wat. Karan ɗin ta mosfet biyu yake bi kafin ya kammala zagaye, don haka a ce wat ɗaya. Wat ɗaya a wurin da tsohon tsari ya zubar da wat 32. Akwai wasu asarori da za su zo a gaba, amma ko da an haɗa da su, aisin yana wuce kashi 90 cikin ɗari idan ana jan sa da ƙarfi.

Tambayar da ta rage: makunnin da bai san komai ba sai bolt 24 da sifiri, ta yaya zai ba sifika bolt 8?

Amsar tana wurin lokaci. Mutum zai iya gwada ta da fankar sama. Idan yana kunna ta yana kashewa da sauri, daƙiƙa ɗaya a kunne ɗaya a kashe, fankar ba za ta riƙa tsayawa cak tana tashi ba, nauyinta zai sa ta daidaita a matsakaicin gudu. Idan ya ƙara tsawon lokacin kunnawa gudun ya ƙaru, idan ya rage ya ragu. Sunan wannan dabara a takardun bayanan aisi shi ne PWM, wato sarrafa faɗin bugun wuta.

A cikin aisin akwai wani sashe da ke samar da sigina mai hawa da sauka a miƙe, siffar dala bayan dala, sau 400,000 a daƙiƙa guda, wato kilohaz 400. Akwai kuma wani sashe mai kwatantawa, wanda ke duba siginar sautin da ta shigo yana gwada ta da wannan dala. Duk lokacin da sauti ya fi dalar tsawo, sai a kunna mosfet na sama, wayar fita ta haɗu da bolt 24. Da zarar dalar ta wuce sautin, sai a kashe na sama a kunna na ƙasa, wayar ta koma sifiri. Sauti mai ƙarfi yana daɗewa a saman dalar, bugunsa ya yi faɗi. Sauti mai rauni bugunsa siriri ne.

Kowane zagaye ɗaya yana ɗaukar kashi 2.5 cikin miliyan na daƙiƙa. Bod ɗin yana da irin waɗannan makunnai biyu ga kowace sifika, ɗaya a kowace waya, abin da ake kira haɗin gada. Idan babu sauti, a tsarin da aka fi sa bod ɗin a kai, kowace waya tana rabin lokaci a kunne rabi a kashe, matsakaicinta bolt 12, kuma tunda duka biyun daidai suke sifika ba ta ganin komai. Idan ana son bolt 8, sai waya ɗaya ta yi kashi biyu cikin uku na lokacin a kunne, matsakaicinta ya zama bolt 16, ɗayar ta yi kashi ɗaya cikin uku, nata ya zama bolt 8. Bambancinsu bolt 8, kuma shi sifika ke ji.

Me ya sa kilohaz 400

Kunnen ɗan Adam yana tsayawa a wajen kilohaz 20. Ko wannan sauti mafi siriri, makunnin zai buga sau 20 a cikin kowace kaɗawarsa guda. Sautin kilohaz 1 kuwa, inda muryar mutum take da ƙarfi, yana samun bugu 400. Dole saurin makunnin ya yi wa sauti nisa sosai, don a samu fili a tsakani da za a raba su daga baya.

To me zai hana a ninka saurin sau goma a huta? Mosfet ba ya tashi daga kashe zuwa kunne a take. Akwai ɗan lokacin da yake kan hanya, boltej na kansa kuma karan na wucewa, ya koma tamkar tsohuwar taransista. A ɗauka, don misali, wannan tsallake yana cin kashi 20 cikin biliyan na daƙiƙa, da bolt 24 da amfiya 2. Kowane tsallake zai zubar da kusan rabin kashi ɗaya cikin miliyan na jul. Ba komai ba ne, amma ana yin sa sau biyu a kowane zagaye, sau 800,000 ke nan a daƙiƙa, ya taru ya kai kusan wat 0.4. TPA3116D2 yana iya gudu har megahaz 1.2, kuma a can wannan asara za ta ninka sau uku. Kilohaz 400 sulhu ne tsakanin zafi da sauƙin tacewa.

Akwai wani haɗari a wurin tsallaken. Idan mosfet na sama da na ƙasa suka kunnu tare ko na ƙiftawa ne, wutar bolt 24 ta samu hanya kai tsaye zuwa ƙasa, kuma abin da ke biyo baya hayaƙi ne. Saboda haka ake barin ɗan gibi da duka biyun ke kashe kafin ɗaya ya karɓa. Gibin yana ɗan ɓata faɗin bugun, ya jawo gurɓatar sauti, sai aisin ya riƙa duba abin da ya fitar yana gyarawa. Wannan duk a ciki yake faruwa, mai gyara ba shi da abin taɓawa a nan.

Filta ba don kunne aka sa ta ba

Abin da ke fitowa daga ƙafafun aisin ba sauti ba ne tukuna. Bugun wuta ne mai kaifin baki, daga sifiri zuwa bolt 24, sau 400,000 a daƙiƙa, sautin yana ɓoye a cikin faɗinsa. Da za a haɗa shi kai tsaye da sifika, waƙa za ta fito, don takardar sifika kamar fankar nan ce, ba za ta iya bin wannan gudu ba sai matsakaicinsa. Wannan ne ke sa wasu su ɗauka koyil-koyil ɗin da ke bakin fita ado ne. Ba ado ba ne, illar rashinsu ce ba a jin ta a sifikar.

Illa ta farko ta rediyo ce. Bugu mai kaifin baki ba kilohaz 400 kaɗai yake ɗauke da shi ba, yana tafe da ninkinsa: 800, 1200, 1600, har can cikin megahaz masu yawa. Tashoshin matsakaicin zango suna tsakanin kilohaz 531 da 1602, don haka waɗannan ninki uku a tsakiyarsu suke faɗawa, na sama kuma su shiga gajeren zango. Wayar sifika idan ta yi tsawo eriya ce. Amfilifayan masallaci da aka ja wayarsa har saman hasumiya ba tare da filta mai kyau ba ya zama ƙaramar tashar watsa hayaniya, kuma maƙwabcin da ke sauraron labarai a gajeren zango shi zai fara sani. Matsalar sananniya ce har aisin yana da ƙafafu uku, AM0 da AM1 da AM2, waɗanda da su ake sauya saurin makunnin don a kauce wa tashar da ake son ji.

Illa ta biyu zafi ce. Karan mai wannan sauri idan ya shiga koyil ɗin sifika ba ya motsa komai, sai dai ya ɗumama koyil ɗin da ƙarfen maganaɗisun da ke kewaye da shi. Babbar sifika za ta jure, tuwita mai siririyar waya ita ce abin tausayi. Kuma wutar da aka yi wahalar tattalawa ce ke zubewa a can.

Filtar kanta abu biyu ne a kan kowace waya: koyil a jere da wayar, sai kafasita daga bayan koyil ɗin zuwa ƙasa. Koyil ba ya son karan ya canza da sauri, don haka yana tare bugu ya bar sauti ya wuce. Kafasita ba ta son boltej ya canza da sauri, don haka tana kwashe ragowar bugun ta kai ƙasa. Ba a sa resista a hanyar sautin, domin resista zafi take mayar da wuta. Koyil da kafasita ajiya suke yi su mayar. A bod ɗin wannan misali, ko babu sauti, akwai karan da ke kai da komo a cikin koyil wanda tazararsa ta kai amfiya 1.5, amma yawancinsa komawa yake inda ya fito. Shi ne dalilin da koyil ke ɗan ɗumi ko an kashe waƙa.

Lissafin filtar

Ƙimar da aka fi gani a wannan bod ita ce koyil mai maikurohenri 10 da kafasita mai nanofarad 680. A jikin koyil ɗin akan ga lamba 100, a jikin kafasitar kuma 684. Inda filtar ke fara yanka ana samunsa da wannan:

```
f = 1 / (2π × √(L × C))
L = 0.00001    C = 0.00000068
f ≈ 61,000
```

Kilohaz 61 ya ninka iyakar kunne sau uku, don haka sauti yana wucewa. Daga nan zuwa sama, duk lokacin da sauri ya ninka sau biyu, filtar tana rage ƙarfi sau huɗu. Kilohaz 400 ya fi 61 da kusan ninki shida da rabi, shida da rabi sau shida da rabi kuma ya haura 40. Bugun bolt 24 ya koma ɗan rawa da bai kai bolt ɗaya ba, kuma ba shi da kaifin baki, ninkin nan na sama sun fi shi shan yanka. Wanda ya ɗora osiloskof a bakin sifika zai ga layin sautin ya ɗan yi kauri saboda wannan saura. Ba lalacewa ba ce.

Abin da aka fi mantawa shi ne sifikar ma ɓangare ce na filtar. Koyil da kafasita idan suka haɗu suna son yin amo a daidai kilohaz 61 ɗin, kuma turjiyar sifika ce ke danne amon. Ana auna wannan da lambar Q. A haɗin gada kowace waya rabin turjiyar sifika take gani:

```
Q = (R / 2) × √(C / L)
R = 4   →  Q ≈ 0.52
R = 8   →  Q ≈ 1.04
R = 16  →  Q ≈ 2.1
```

Mafi daidaito yana wajen 0.7. Da sifika mai om 4, sautin kilohaz 20 zai ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari. Da mai om 8 zai ƙaru da kusan kashi 6. Gaskiya kunne kaɗan ne zai kama wannan, kuma ƙimar 10 da 680 an zaɓe ta ne don ta zauna tsakanin biyun. Amma alƙiblar ta fito fili: duk yadda turjiya ta ƙaru, amon yana ƙaruwa. Da ƙahon lasifika mai om 16, duk abin da ya zo kusa da kilohaz 61 ninka shi za a yi. Idan kuwa waya ta tsinke ana tsaka da ƙure sauti, babu mai danne amon, boltej a kan kafasita zai iya haura na wutar da ke shigowa nesa ba kusa ba. Bod mai kyau yana da ƙarin resista da ƙaramar kafasita a bakin fita don rage wannan, masu araha sukan tsallake su. Shi ya sa gwada irin wannan bod da ƙarfi babu sifika ko resistar gwaji ganganci ne. Tuwitar fizo, wadda ake yawan samu a akwatunan sifika masu araha, ita ma matsala ce: a wurin wuta kafasita ce, ba ta danne amo, sai ma ta sauya lissafin filtar. Ɗan resista mai om kaɗan a jere da ita yana taimakawa.

Koyil ɗin da ya ƙoshi

Yawancin bambanci tsakanin bod mai kyau da na banza, alhali aisinsu ɗaya, a koyil yake. Zuciyar koyil tana da iyakar maganaɗisun da za ta ɗauka. Idan karan ya wuce wannan iyaka ta ƙoshi, maikurohenri 10 ya faɗo ƙasa warwas, koyil ya koma kusan waya kawai. Da bolt 24 da om 4, ƙololuwar karan tana kusantar amfiya 6, ga kuma rawar nan ta kai da komo a kai. Koyil ɗin da amfiya 3 ke ƙosar da shi zai yi lafiya a ƙaramin sauti, ya fara ba da kunya idan aka ƙara.

Alamominsa ba su da wuyar ganewa. Sauti yana da tsabta a ƙasa, amma duk lokacin da ganga ta buga da ƙarfi sai a ji wani kaushi. Koyil ya fi aisin zafi, har yatsa ya kasa zama a kai. Wani lokaci bod ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, domin aisin ya ga karan ya yi tsalle ya ɗauka wayoyi ne suka haɗu. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a sauya sifikar da mai om 8: karan zai ragu da rabi, idan matsalar ta ɓace to koyil ne babban abin zargi, ko kuma abin ba da wutar ne ya gaza, wanda mita za ta nuna idan boltejinsa na faɗuwa lokacin bugun. Maganin koyil shi ne a canza shi da mai ƙima ɗaya amma mai ɗaukar amfiya 7 ko fiye, kuma rufaffe, don kada maganaɗisunsa ya shiga na kusa da shi.

Wani kuskure da ke kashe bod da yawa ya samo asali daga haɗin gada. Wayar sifika mai alamar ragi ba ƙasa ba ce. Idan aka auna kowace waya da ƙasa babu sauti, mita za ta nuna kusan bolt 12, tsakanin wayoyin biyu kuma kusan sifiri. Mai gyaran da ya saba da tsohon amfilifaya yakan ga bolt 12 ɗin nan ya ce aisi ya ƙone, alhali lafiyarsa ƙalau. Wani kuma ya haɗa ragin hagu da na dama wuri guda, ko ya ɗaure shi a jikin mota, ya haɗa fitar makunni da ƙasa kai tsaye.

Waɗanda ba su da filta

Ƙananan sifikokin bulutut da rediyoyin caji sukan zo da aisi irin PAM8403, mai wat 3 sau biyu a kan bolt 5, kuma babu koyil ko ɗaya a bakin fitarsa. Wannan bai ƙaryata abin da ya gabata ba. Wayoyinsa biyu suna bugawa tare idan babu sauti, don haka sifika ba ta ganin bambanci, idan sauti ya zo kuma siraran bugu ne kawai ke isa gare ta, koyil ɗin sifikar ya ishe su. Boltejin kaɗan ne, wayar kuma ba ta wuce tsawon yatsa ba. Idan za a ɗan tsawaita ta, akan sa ƙwayar ferayit da ƙaramar kafasita a kan kowace waya, waɗanda ke cinye ninkin can sama na megahaz amma ba sa taɓa ainihin bugun. Da zarar wutar ta kai bolt 24 kuma wayar ta kai mita biyu ko uku, sai cikakkiyar filta ta koyil da kafasita, a dasa ta kusa da ƙafafun aisin iya yiwuwa, sannan a murɗa wayoyin sifikar biyu tare har inda za su tsaya.